Ushira: Tsohuwar Rigimar Kano da Harajin Gado

A watan Oktoban 2024, lokacin da Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudirori huɗu na garambawul ga haraji, hankalin gwamnonin Arewa ya tafi ne kan yadda za a riƙa raba kuɗin harajin saye da sayarwa. A majalisun cikin birnin Kano kuwa, daga Yakasai zuwa Mandawari, wata magana ce daban ta fi tashi: wai gwamnati za ta sa hannu a gadon marayu. Tushen maganar wani sashe ne da ya ambaci kuɗin shigar iyali. Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin da ya tsara ƙudirorin, ya yi ta nanata cewa babu harajin gado a ciki, kuma sashen tsoho ne da aka kwaso daga dokar harajin ɗaiɗaikun mutane. Duk da haka sai da 'yan majalisa suka gyara lafazin don kawar da shubuha kafin a sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Saboda haka a yau babu harajin gado a dokar tarayyar Najeriya.

An kashe wutar, amma ba a yi muhawarar ba. Masu goyon bayan irin wannan haraji sun yi shiru don gudun a ce sun taɓa addini, masu adawa kuma sun tsaya a kan kalmar haramun ba su ƙara komai ba. Ra'ayina shi ne harajin gado bai dace da Najeriya a halin da take ciki ba, amma hujjar masu son sa ta fi ƙarfin a yi mata shiru, kuma akwai ramin da suke nunawa wanda tsarinmu bai cike ba.

Kano ba baƙuwar wannan rigima ba ce. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya sauka a birnin, kuma ya rubuta littafinsa kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. A babin dukiya ya jera hanyoyin da ya halatta sarki ya samu kuɗi, ciki har da dukiyar da ba ta da magaji, sannan ya jera hanyoyin zalunci, ya sa karɓar ushiri daga dukiyar mamata a cikinsu. Malami ba ya ɓata tawada wajen hana abin da ba a yi. Bayan shekara ɗari uku, a Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu da sunan gado cikin laifuffukan sarakunan Haɓe. Amma al'adar ba ta mutu da jihadi ba. Kashi ɗaya cikin goma da ake cirewa idan alƙali ya raba gado, wanda ake kira ushira, ya ci gaba, har Turawa suka zo suka same shi, suka mayar da shi kuɗin kotu da ke shiga baitulmalin En'e. Wato abin da malamai suka kira zalunci ya sake riga ya koma ladan aiki.

Gwamnatin zamani ma ta gwada nata. A 1979 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar haraji a kan dukiyar da ta sauya hannu, ko ta hanyar mutuwa ko ta kyauta tun mai ita yana raye. An yafe naira 100,000 na farko, daga nan harajin ya fara daga kashi 10 cikin 100 yana hawa har kashi 60 a kan manyan dukiyoyi. Jihohi aka bar wa karɓa, kuma abin da suka tara bai taka kara ya karya ba. A 1996 aka soke dokar ba tare da wani ya yi kukan rashinta ba. Duk wanda zai kawo shawarar harajin gado a Najeriya, wajibi ne ya fara bayyana dalilin da ya sa na shekara goma sha bakwai ɗin nan ya mutu a tsaye.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da Hausa ta haɗe a kalma ɗaya. Akwai harajin da ake ɗorawa a kan dukiyar mamaci dunƙule, kafin a raba, kamar yadda Birtaniya da Amurka da Afirka ta Kudu suke yi. Akwai kuma wanda ake ɗorawa a kan rabon kowane magaji bayan an raba, kamar na Faransa. Ga iyalin Bature mai 'ya'ya biyu bambancin ba shi da yawa. Ga gidan Bahaushe kuwa, bambancin shi ne dukan maganar.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Koki ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu da mata shida. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi, kuma bai bar wasiyya ba, abin da ya rage ya kai naira miliyan 80: gidan da iyalin ke ciki na miliyan 60, rumfa da kayanta na miliyan 15, da tsabar kuɗi miliyan 5. Alƙaluman misali ne kawai, don lissafi ya fito sarari. Matan biyu za su raba tumuni, wato miliyan 10, kowace ta sami miliyan 5. Sauran miliyan 70 za a kasa shi kashi 14, domin kowane namiji yana da kashi biyu, kowace mace ɗaya. Kowane ɗa namiji ya tashi da miliyan 10, kowace 'ya da miliyan 5. Dukiyar da ta yi kama da ta attajiri ta zama rabon mutum goma sha biyu, babu ko ɗaya a cikinsu da za a kira mai kuɗi.

Yanzu a kawo haraji irin na farko, a ce an yafe miliyan 50, ana karɓar kashi 20 cikin 100 na abin da ya haura. Wannan gida zai biya miliyan 6. Kuɗin da ke hannu miliyan 5 ne. Ko dai a karyar da rumfar da ke ciyar da gidan, ko a sa gidan a kasuwa, ko wani daga cikin 'ya'yan ya ciyo bashi. Sai mu ɗauko maƙwabcinsa da ya bar dukiya daidai wannan, amma mata ɗaya da ɗa ɗaya tilo. Matar ta ɗauki miliyan 10, ɗan ya kwashe miliyan 70. A ƙarƙashin wannan tsari su ma miliyan 6 za su biya, daidai da gidan mutum goma sha biyu. Idan kuwa haraji irin na biyu ne, a ce an yafe wa kowane magaji miliyan 20, gidan farko ba zai biya ko kwabo ba, ɗa tilon nan kuma zai biya miliyan 10. Wannan ya nuna cewa kwafo tsarin Birtaniya, wanda shi lauyoyinmu suka fi sani, shi ne mafi munin zaɓi ga al'ummar da ke da mata fiye da ɗaya da 'ya'ya da yawa.

To mece ce hujjar masu goyon baya? Ba ta da wuyar fahimta, kuma tana da nauyi. Malamin makarantar da ke karɓar albashi ana cire masa haraji tun kafin kuɗin ya shigo hannunsa, a kan abin da ya yi wa gumi. Wanda ya gaji benaye goma bai ɗaga ko tsinke ba, ba a taɓa shi. Idan gwamnati dole ta sami kuɗi daga wani wuri, in ji su, gara ta ɗauka daga abin da ya faɗo wa mutum daga sama da ta ɗauka daga ladan wahalarsa. Suna ƙarawa da cewa dukiyar da ke taruwa a gida ɗaya tsara bayan tsara takan zama iko, ikon kuma ya sayi siyasa. Wannan tunani ne ya sa Japan ke karɓar har kashi 55 cikin 100 a matakin ƙoli, Koriya ta Kudu kashi 50. Da shugaban kamfanin Samsung, Lee Kun-hee, ya rasu a 2020, iyalinsa sun sanar da cewa za su biya sama da won tiriliyan 12, kashi-kashi cikin shekara biyar.

Amsar da aka saba bayarwa a nan ita ce Musulunci ya riga ya magance taruwar dukiya. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. A Ingila ta dā, babban ɗa namiji ne ke gaje ƙasar gidan gaba ɗaya, har yau kuma mutum na da 'yanci mai faɗi ya yi wasiyya da dukiyarsa ga wanda ya so. Harajin gadonsu magani ne na cutar da dokarsu ta haifar. A wajenmu ayoyin Suratun Nisa'i sun ƙayyade rabon kowa, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji. Duk wanda ya san lungunan cikin birni ya ga aikin wannan tsari da idonsa: katafaren gidan kaka mai zaure uku an datsa shi da katanga, an fasa sabuwar ƙofa, jikoki sun sake datsawa, har ya zama ɗaki biyu da tsakar gidan da ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Har ma wani masanin tattalin arziki, Timur Kuran, ya yi hujja a littafinsa na 2011 cewa wannan rarrabawa ta yi ƙarfin da ta hana manyan kamfanoni masu daɗewa tasowa a ƙasashen Musulmi na dā.

Ga kuma zakka. Kashi biyu da rabi cikin 100 yana kama da abu kaɗan, amma duk shekara ake fitarwa. Kuɗin da aka ajiye ba a juya shi, idan ana fitar masa da zakka shekara 30, abin da zai rage bai kai rabi ba, kusan kashi 47 cikin 100 ne. Wato a tsawon tsara ɗaya zakka tana cin abin da ya fi kashi 40 ɗin da Birtaniya ke karɓa sau ɗaya a ranar mutuwa.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu cewa magana ta ƙare. Farilla tana datsa gida da gona da garke. Ba ta datsa kamfani. Idan dukiya ta koma hannun jari, magada sukan raba takardu, kamfanin kuma ya ci gaba da tsayuwa da ƙafarsa. Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, an raba gadonsa bisa shari'a, amma harkar gidan ba ta watse ba. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu sun ɗora a kai, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Wannan abin yabo ne ga gidan, ba abin zargi ba, amma yana rushe da'awar cewa rabon gado shi kaɗai yana hana dukiya zama a zuriya ɗaya shekara saba'in. Zakka ita ma tana da iyaka. Ba ta hawa kan gidan zama, ba ta hawa kan ƙimar gidan haya sai dai kuɗin hayar da ya taru ya shekara, kuma filin da aka saya aka ajiye ba da niyyar kasuwanci ba babu zakka a kansa. A ina masu kuɗin Kano na yau suke zuba dukiyarsu? A filaye da benaye da rukunin shaguna. Jihar tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma bayarwa ta hannunta ganin dama ne. Ramin da masu son harajin gado ke nunawa yana nan, kuma a ƙasa da gini yake.

Ta fuskar fiƙihu ma maganar ta fi yadda ake ɗaukarta faɗi. A asalin mazhabar Malikiyya baitulmali magaji ne: wanda ya rasu ya bar 'ya ɗaya tilo ba shi da asaba, ita ta ɗauki rabi, sauran ya tafi baitulmali. Malaman baya ne suka koma ga mayar wa magada ragowar, bisa dalilin cewa baitulmalin ya daina tafiya bisa adalci. Haka kuma malamai irin su Shaɗibi sun yarda shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu bayan zakka, da sharaɗin baitulmali ya ƙare, buƙatar ta tabbata, shugaban kuma adali ne. A duka wuraren biyu hukuncin ya rataya ne a kan amanar mai karɓa. Wannan sharaɗi na malaman ƙarnonin baya shi ne ainihin tambayar da mai biyan haraji a Kano yake yi yau.

Amma ko da an ajiye batun amana, harajin zai faɗi a wajen aiwatarwa, kuma ƙasashen da suka fi mu tsari sun nuna haka. Rahoton da ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta fitar a 2021 ya nuna ƙasashe 24 cikin mambobinta na karɓar irin wannan haraji, amma a matsakaici abin da yake kawowa kusan rabin kashi ɗaya ne cikin 100 na dukan harajin da suke tarawa. Kanada ta soke nata a 1972, Ostareliya a 1979, Indiya a 1985, Siwidin a 2004, duk da sunan da ta yi wajen tatsar masu kuɗi. Amurka ta riƙe kashi 40, amma ta ɗaga abin da ake yafewa har ya kai dala miliyan 15 ga mutum ɗaya daga 2026, wanda ke nufin 'yan ƙalilan ne yake shafa. A Birtaniya ana yafe fam 325,000, abin da aka bar wa miji ko mata babu haraji, kuma kyautar da mutum ya yi ya rayu shekara bakwai bayanta ta fita daga lissafi. Wanda ke da dukiya iri-iri da lauya yakan fara rabarwa tun yana da ƙarfi. Wanda dukiyarsa duka gida ɗaya ce da yake kwana a ciki ba shi da wannan dama.

A kawo wannan cikin ganuwar Kano. Don a karɓi harajin gado sai an san cewa mutum ya mutu, an san abin da ya mallaka, an kuma san ƙimarsa. Mukan binne mamaci cikin sa'o'i, kuma iyalai da yawa ba sa neman takardar shaidar mutuwa sai banki ko ofishin fansho ya tilasta. Gidaje da yawa a cikin birni ba su da satifiket ɗin mallaka na gwamnati. Hujjarsu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wani lokaci ma shaidar maƙwabta ce kawai cewa gidan wane ne tun kakanni. Ƙima kuwa bakin dillali ce. Idan haraji ya dogara da ƙimar da jami'i zai rubuta, an buɗe sabuwar kasuwar ciniki tsakaninsa da magada, kuma wanda ya fi iya ciniki ba zai zama bazawara mai takaba ba. Dukiyar babban attajiri tana cikin hannun jari, da asusun waje, da gidaje a Abuja ko Dubai da sunan kamfani. Ta mai matsakaicin hali tana tsaye a bakin lungu, kowa na ganinta.

Akwai wata illar da ta fi damuna. Ko yanzu, babbar matsalar gado a birni ita ce rashin rabawa. Gida yakan shekara ashirin ana cewa na gado ne, yayyen maza na ciki ko suna karɓar haya, 'yan'uwa mata da ke gidajen aure suna jin nauyin tambaya, har wasu magadan su mutu a sami gado cikin gado, lissafin da sai ƙwararren malamin farilla. Abin da ke ceton mai rauni shi ne zuwa gaban alƙali a rubuta komai. Ranar da zuwa kotu ya zama kai kai ga mai karɓar haraji, iyalai za su daina zuwa, a koma rabon cikin ɗaki inda mai babbar murya ke yin hukunci. Gwamnati ba za ta sami kuɗin ba, mata da marayu kuma su rasa kariyar da suke da ita.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bi dukiyar inda take, a lokacin da take kawo kuɗi, mai ita kuma yana raye yana iya jayayya. Gidan haya da aka gada, kuɗin hayarsa kuɗin shiga ne kamar kowane, kuma sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, don haka bazawarar da ke karɓar hayar ɗaki biyu ba ta ciki, mai rukunin shaguna kuwa yana ciki. Manyan filaye da gine-ginen kasuwanci, waɗanda suke da satifiket kuma suna cikin kundin hukumar KANGIS, jiha na iya karɓar kuɗin ƙasa na shekara a kansu bisa ƙima ta gaskiya. Fili ba ya gudu zuwa Dubai, kuma kuɗi kaɗan duk shekara ba ya tilasta wa kowa sayar da gidan ubansa cikin makon sadakar bakwai.

Saura ushira, wadda har yanzu ba ta bar ƙasar nan ba. A Legas, magadan da ke neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu sukan biya kusan kashi 10 cikin 100 na ƙimar dukiyar, ba a yafe wani kaso na farko kamar yadda dokar 1979 ta yi. Ba a kiran sa haraji, shi ya sa bai tayar da ƙura a 2024 ba. Ma'aunin gane shi mai sauƙi ne: aikin magatakarda wajen buɗe fayil ɗin gidan miliyan 8 da na miliyan 80 ɗaya ne, don haka duk kuɗin da ke hawa da ƙimar dukiya ya tashi daga ladan aiki. Majalisar Dokokin Jihar Kano da hukumar shari'a ta jiha suna da ikon tabbatar da cewa duk abin da magada za su biya a kotu, ko don rabon gado ko don takardar da banki ke nema kafin ya saki kuɗin mamaci, adadi ne ƙayyadadde, rubutacce a jikin bangon kotu, mai rasit, tare da ladan masu ƙiyasta gida da aka yanke tun kafin su taka ƙofar gidan.